Kafin ka ce masa ya kira ka

Akwai wani saƙo da ya zama ruwan dare a wayoyin 'yan boko na Katsina, musamman akantoci da ma'aikatan lafiya da masu aikin tattara bayanai. Yakan shigo ta WhatsApp ko LinkedIn, daga wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Ya ga takardunka sun burge shi, akwai wani gurbi a wata babbar ƙungiya, yaushe kake da lokaci a yi magana ta waya? Ba sunan wurin, ba bayanin aikin, ba albashi. Mafi yawanmu kuwa kafin mu gama karantawa mun riga mun amsa cewa ko yanzu ma a shirye muke.

Ni ina ganin wannan gaggawar ita ce asarar farko. Abin da ya dace shi ne mutum ya gode, ya nuna yana da sha'awa, sannan ya roƙi a turo masa abu biyu a rubuce kafin a sa lokacin waya: cikakken bayanin aikin, da yadda aka tsara mutanen da zai yi aiki a cikinsu. Na san wasu za su ce wannan girman kai ne a ƙasar da masu digiri ke tuƙa Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya. Zan zo kan wannan, don ba maganar banza ba ce. Amma bari mu fara da sanin wane ne yake kiran.

Yawancin masu turo irin wannan saƙo ba su ne masu aikin ba. Dillalai ne. Wata ƙungiya ko kamfani ce ta ba su kwangilar nemo mutum, kuma la'adarsu tana fitowa ne daga wurin mai ɗaukar aikin, sau da yawa sai an cike gurbin. Babu laifi a wannan, sana'a ce halastacciya, har lasisi Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya take ba kamfanonin da ke yin ta. Sai dai ka san cewa buƙatarsa da taka ba ɗaya ba ce. Shi yana son ya miƙa sunaye cikin sauri. Kai kuma rayuwarka ta shekara ɗaya ko biyu ce ake magana a kai. A cikin minti ashirin na waya zai tambaye ka nawa kake ɗauka yanzu, nawa kake so, yaushe za ka iya barin inda kake, me ya sa kake son tashi. Duk za ka amsa, don kunya ba za ta bari ka yi shiru ba. In aka kashe waya, shi ya san farashinka da raunin da ke gare ka, kai kuwa abin da ka sani bai wuce sunan muƙami ba. Cinikin biri a sama ke nan, kuma kai ne ka fara faɗin kuɗi.

Doka ma ba za ta cece ka a wannan matakin ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, amma ta ba shi har wata uku bayan an fara aikin. Kuma ma'anar ma'aikaci a cikin dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru, wato irin mutanen da dillalan nan suke nema. Kafin ka shiga, ba abin da ke tilasta wa kowa ya gaya maka komai. Abin da ka tambaya shi za ka samu.

Bari in ba da labarin ɗan yayata, don a ga abin da takarda take tonawa. Akanta ne, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da ke nan Katsina, yana aiki a wani kamfani mai zaman kansa da albashin da ba yabo ba fallasa. Wata mata daga wani kamfanin nemo ma'aikata a Abuja ta aiko masa da irin saƙon nan: ana neman jami'in kuɗi a ofishin wata ƙungiyar agaji a Katsina. Ya kawo mini wayar yana murna.

"Kawu, mi zan ce mata? Ta ce gobe da ƙarfe goma."

Na ce ya rubuta mata, cikin ladabi, a taƙaice. Da Turanci ya rubuta, amma ga abin da ke ciki: ya gode da tuntuɓar, yana da sha'awa ƙwarai, kuma don kada ya ɓata mata lokaci yana roƙon ta turo masa cikakken bayanin aikin. Sannan yana son sanin wanda zai riƙa ba shi umarni da garin da mutumin yake zaune, mutum nawa ne a sashen kuɗi na ofishin Katsina kuma wa ke yin me, gurbin sabo ne ko wani ne ya bari, da kuma sunan da zai fito a saman takardar ɗaukarsa aiki, na ƙungiyar ko na kamfaninta. Ya rufe da cewa da zarar ya karanta, a shirye yake a yi waya a ranar da ta ga dama. Layi shida ne gaba ɗaya.

Ya tura hannunsa na rawa, yana cewa na sa shi ya kori arziki. Ta turo takarda mai shafi uku da ɗan gajeren bayani a ƙasa. Muka buga ta a shagon kwamfuta, muka zauna bayan sallar isha'i da biro, muna bin ta layi-layi.

Shafin farko duk yabon ƙungiya ne, muka wuce. A shafi na biyu aikin yake. Rabin farko aikin akanta ne sak: riƙe littafin shige da ficen kuɗi, daidaita lissafin ofis da na banki a ƙarshen kowane wata, haɗa rahoton kuɗi, cire harajin albashi a kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Daga nan sai lamarin ya fara karkata. Shi ne zai nemo farashi daga 'yan kasuwa uku kafin a sayi kaya. Shi ne zai karɓi kayan ya shigar da su sito. Shi ne zai riƙe rajistar kadarori. Shi ne zai biya mahalarta taron horaswa kuɗin mota a ƙananan hukumomi. Shi ne kuma zai kula da direba da masu gadi. Na ce masa ya sa alama a gefen duk layin da ba na akanta ba ne. Da ya gama sai gefen takardar ya yi baƙi.

Wannan kaɗai ba ya nuna komai tukuna. Ƙananan ofisoshi sukan haɗa wa mutum ɗaya ayyuka, kuma wani lokaci takarda tana lissafa abin da sashe gaba ɗaya yake yi ne, ba mutum ɗaya ba. Shi ya sa tambayar tsarin ma'aikata ta fi ta bayanin aiki muhimmanci a wurina, ko da yake ita ce mutane suka fi mantawa. Amsar matar ita ce ta ba takardar ma'ana. Ofishin Katsina mutum bakwai ne, kuma sashen kuɗi shi kaɗai ne. Wanda zai riƙa ba shi umarni kullum shi ne shugaban ofishin jiha, ma'aikacin lafiya ne, ba akanta ba. Manajan kuɗi yana Abuja, shi ke duba rahoto a ƙarshen wata. Gurbin ba sabo ba ne, kuma wanda ya bari bai cika shekara ba. Takardar ɗaukar aiki kuwa kamfanin dillalan ne zai bayar, na wata goma, daidai lokacin da tallafin da ke ɗaukar nauyin aikin zai ƙare.

Duk wanda ya taɓa zama gaban odita ya san abin da wannan yake nufi. Ƙa'ida ta farko a harkar kuɗin ofis ita ce a raba hannu. Wanda ya nemi a sayi kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban, wanda ya tabbatar kayan sun iso daban. Ana yin haka ne don kare kuɗi, amma yana kare ma'aikaci ma, domin in aka sami matsala akwai sa hannun wasu da za su shaida. A tsarin da aka zana wa yaron nan, shi zai zaɓi ɗan kasuwa, shi zai biya shi, shi zai ce kaya sun iso, shi kuma zai rubuta lissafin. A ce an sayi kujeru hamsin, bayan wata takwas odita ya ƙirga ya sami arba'in da shida. Ko a ce takardar sa hannun mahalarta wani taro ta nuna mutum sittin, mai ba da tallafi ya buga wa wasu waya suka ce ba su je ba. Mai tallafi zai ƙi amincewa da wannan kashewar, ya ce a mayar masa da kuɗinsa. In aka buɗe fayil, suna ɗaya ne a kan kowace takarda. Ko da mutum ya fi kowa gaskiya, ba shi da wanda zai tsaya masa.

Ga kuma maganar shugabanni biyu. Na Katsina yana son a fitar da kuɗi yau domin taro gobe ne, mutane sun riga sun taso daga ƙauyuka. Na Abuja yana son takardu su cika kafin a taɓa ko kwabo. Dukansu suna da gaskiya. Amma wanda ke rubuta maka rahoton ƙwazo a ƙarshen zango shi ne wanda kuke ofis ɗaya, wanda kuma zai tuhume ka in aka karya ƙa'ida shi ne na nesa. Akantan da ke tsakani, in ba a rubuta a fili wa ke da maganar ƙarshe a kan kuɗi ba, kullum cikin laifin ɗayansu yake kwana. Ina kyautata zaton abin da ya kori wanda ya bar gurbin ke nan, ko da yake ba a faɗa mana ba. Sannan mutumin da shi kaɗai ne a sashensa ba ya hutu. Ko matarsa ta haihu, ko rasuwa aka yi masa, ƙarshen wata ba ya jira.

Layin biyan mahalarta a ƙananan hukumomi kuwa, wanda ke zaune a Abuja zai karanta shi ya wuce. Ɗan Katsina ba zai wuce ba. Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta, kuma ba ɗaya suke ba. Zuwa Daura ko Mashi ko Mani abu ne daban, zuwa Batsari ko Safana ko Jibiya ko Ƙanƙara da jakar kuɗi a mota abu ne daban, kowa ya san halin da yankin ya shiga a shekarun nan. Takarda ta ce tafiye-tafiye. Ba ta ce ina ba, ba ta ce da tsabar kuɗi ko ta banki ba.

Sai maganar sunan da ke saman takarda. Mutum yakan yi shekara yana sanye da rigar ƙungiya, yana shiga motarta, alhali a doka ba ma'aikacinta ba ne. Ma'aikatan banki 'yan kwantiragi sun fi kowa sanin wannan. In kamfanin dillalai ne ya ɗauke ka, shi ke da alhakin albashinka da fanshonka da inshorar lafiyarka, kuma shi za ka bi in an sallame ka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. In a ce naira 300,000 ne kuɗin da ake lissafin fansho a kai, za a cire maka 24,000, shi kuma ya ɗora 30,000 duk wata. Dole ka san wa zai zuba wannan kuɗin, domin in ba a zuba ba, ƙungiyar da kake wa aiki za ta ce ba ruwanta. Tsawon kwantiragi ma haka. Waɗanda suka yi aiki da ƙungiyoyin da ke cin tallafin Amurka sun ga abin da ya faru a farkon 2025, da aka dakatar da tallafin, ayyuka suka tsaya cikin 'yan kwanaki. Tambayar wa ke ba da kuɗin da yaushe zai ƙare ba shisshigi ba ne.

Yaron ya amsa wayar daga ƙarshe, kuma nan ne amfanin abin ya fito. Maimakon ya zauna ana yi masa tambayoyi, sai ya shiga da nasa guda uku: wa ke sa hannu a kan sayayya ban da shi, ta banki ake biyan mahalarta ko hannu da hannu, kuma in umarnin Katsina ya saɓa da na Abuja wanne zai bi. Matar ba ta da amsar biyu daga ciki, ta kuma faɗi gaskiya ta ce za ta tambayo. Ta dawo da cewa manyan sayayya kwamiti ne a Abuja ke amincewa, biyan mahalarta yawanci ta banki ne, amma batun takardar ɗaukar aiki ba zai canja ba. Da ta tambaye shi albashin da yake so, bai faɗi na akanta ɗaya ba, ya faɗi na wanda zai riƙe kuɗi da sayayya da sito. Bai karɓi aikin ba, domin yana da na dindindin a hannu kuma wata goma bai ishe shi ya saki ba. Ba na cewa aikin mugu ne. Wanda ke zaune a gida ba aiki, ya dace ya karɓa da hannu biyu, ya shiga yana sane da inda zai taka a hankali. Bambancin kawai shi ne sani.

Yanzu ga masu cewa wannan duk maganar mai ƙoshi ce. Sun ce dillali yana da sunaye ɗari, in ka tsaya tambaya sai ya tsallake ka. Wannan yakan faru, ba zan musa ba. Wanda ya gama bautar ƙasa jiya, yana neman gurbin da mutum dubu ke nema, ba shi da ƙarfin gindaya sharaɗi, kuma ban ce ya gindaya ba. Shi sai ya amsa lokacin wayar, ya haɗa da roƙon a turo masa takardar kafin lokacin domin ya shirya. Roƙo ɗaya ne, sharaɗin ne kawai aka cire. Amma a lura, wanda dillali ya nemo da kansa ba ya cikin layin mutum dubu. An duba an ga yana da abin da ake so ne. Akanta mai shekara biyar a aiki wanda ya san Katsina, yana jin Hausa, ya kuma yarda ya zauna a nan, ba a tsintar sa a ko'ina. Mu ne ba mu san darajar wannan ba.

Wasu kuma sukan ce dillali ba shi da izinin faɗin sunan ƙungiya. Gaskiya ne, wani lokaci ana neman wanda zai maye gurbin mutumin da bai san za a cire shi ba, wani lokaci kuma dillalin yana tsoron ka zagaye shi ka nemi aikin kai tsaye, la'adarsa ta salwanta. To, ya ɓoye sunan. Bayanin aiki yana fita ba tare da suna ba, haka ma adadin mutanen sashe da muƙamin shugabanka. Ba sirrin kowa a cikin cewa sashen kuɗi mutum ɗaya ne.

Yadda aka amsa maka ma labari ne. Wanda ya turo takarda cikakkiya, akwai aiki kuma an yi tunani a kansa. Wanda ya ce takardar ba ta kammala ba amma ga abin da ya sani, ya kuma amsa tambayoyin tsari, shi ma ana iya tafiya da shi, sai dai ka san cewa masu aikin ba su gama yanke shawarar abin da suke so ba, kuma aikin zai iya sauya kama bayan ka shiga. Wanda ya nace sai dai a waya, komai sai a waya, sau da yawa ko dai babu gurbin, yana tara takardun mutane ne don ya nemi kwangila da su, ko kuma akwai abin da ba ya son ya rubuta. Wanda kuwa ya fara maganar kuɗin fom, ko ya nemi lambar BVN tun ba a je ko'ina ba, wannan ba sai an tsaya nazari ba.

Inda abin ya fi wuya a garinmu shi ne in babba ne ya haɗa. Wani Alhaji abokin mahaifinka ya ce ya ba da lambarka, za a kira ka. A nan neman takarda yana iya zama kamar raina alheri, kuma ba wanda yake son a kai ƙararsa gida a ce an nema masa aiki yana yanga. Amma a irin wannan ne aka fi buƙatar sani tun da wuri, domin in ka shiga ka ga ba za ka iya ba, fita ta fi wuya, mutuncin wanda ya kawo ka yana rataye a wuyanka. Hanyar ita ce kada ka kai tambayar wurin Alhaji. Shi ka je ka gaishe shi, ka yi godiya, ka ce in sha Allahu ba za ka ba shi kunya ba. Tambayar ta tafi wurin wanda zai kira, kuma ka ɗora ta a kan sunan Alhajin: tunda Baba ne ya gabatar da ni, ina son in zo a shirye, don Allah a taimaka mini da bayanin aikin da na waɗanda zan yi aiki tare da su. Da wuya a hana mai irin wannan roƙon. In aka ce babu takarda, sai ka nemi a gaya maka ko da a saƙo ne, wa zai zama shugabanka da kuma mutum nawa ne a sashen, ka ajiye saƙon a wayarka.